Daga Akwatin Wasiƙunmu: Na Ce A Sayar A Dala 45, Don Me Aka Sayar A Dala 38?

Wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka a wannan mako, domin amsarta tana da ɗan tsawo. Ta fito ne daga hannun wani ɗan kasuwa a Kano, wanda yake sayen hannun jarin kamfanonin Amurka ta wayarsa, ya kuma roƙi kada mu ambaci sunansa. Ga abin da ya ce:

TAMBAYA: "Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na sayi hannun jari guda 100 na wani kamfani, kowane ɗaya a kan dala 50. Don gudun asara, sai na sa oda cewa idan farashi ya sauko dala 45 a sayar. Na kwanta barci farashi yana dala 47. Washegari da yamma na duba, sai na tarar an sayar mini a dala 38. Don Allah ku gaya mini gaskiya, dillalin nan cuta ta ya yi, ko kuwa akwai abin da ban gane ba?"

AMSA: To Malam, da farko dai muna yi maka jaje. Ka sa dala 5,000, ka yi lissafin cewa komai lalacewa ba za ka rasa fiye da dala 500 ba, sai ga shi an dawo maka da dala 3,800, watau asarar dala 1,200. Ba ƙaramin abu ba ne. Amma kafin ka ɗora wa dillali laifi, bari mu duba ainihin abin da ka umarce shi ya yi, domin a nan ne gizo yake saƙar.

Wannan oda da ka sa, ita ce za ka ga an rubuta `Stop` ko `Stop Loss` a kan allon waya. Mu a nan za mu kira ta odar tsai da asara. Abin da akasarin mutane suke zato shi ne, dala 45 ɗin nan da suka rubuta ita ce farashin da za a sayar. Ba haka ba ne, Malam. Dala 45 ƙararrawa ce kawai. Muddin farashi yana sama da ita, odarka barci take yi a wurin dillali, babu wani mai saye a kasuwa da ya san da zamanta. Da zarar an yi ciniki a dala 45, ko ƙasa da haka, sai ƙararrawa ta kaɗa, oda ta farka. Idan ta farka kuwa, sai ta rikiɗe ta koma wata oda dabam, wadda ake rubutawa `Market`, ma'anarta ita ce: a sayar yanzu-yanzu, ga duk wanda ya fi tayi mai tsoka a wannan lokaci, ko nawa ne.

Mu kwatanta da abin da ka sani. A ce kana da buhunan masara a hannun dillalinka a kasuwar Dawanau, za ka yi tafiya. Sai ka ce masa, "Idan ka ji an sayar da buhu a kan kaza, ko ƙasa da haka, to kada ka neme ni, kada ka ce albarka, duk wanda ya taya ka sallama." Ka ga a nan abu biyu ka faɗa masa. Ka gaya masa lokacin da zai fara sayarwa, ka kuma hana shi yin ciniki. Abin da ba ka gaya masa ba shi ne mafi ƙarancin kuɗin da za ka karɓa. To haka odar tsai da asara take. Tana yi maka alkawarin fita daga kasuwa, ba ta yi maka alkawarin farashi.

A ranar da kasuwa take tafiya lami lafiya, ba za ka lura da wannan bambanci ba. Farashi yana saukowa a hankali, daga 46 zuwa 45 da rabi, zuwa 45, masu saye kuma suna nan jingim. Ƙararrawa ta kaɗa, a sayar maka a dala 44 da senti 98, ka ce madalla. Matsalar tana tasowa ne idan aka nemi masu saye a kusa da dala 45 aka rasa. Hanyoyi biyu ne suka fi kawo haka.

Hanya ta farko: farashi ya yi tsalle

Wannan ita ce nake kyautata zaton ta same ka, bisa ga yadda ka ba da labari. Kasuwar hannun jari ta New York tana buɗewa da ƙarfe 9:30 na safe, ta tashi da ƙarfe 4:00 na yamma agogonsu. A agogon Nijeriya da Nijar, daga ƙarfe 2:30 na rana ke nan zuwa 9:00 na dare tsakanin watan Maris da farkon Nuwamba, sauran watanni kuma sai ka ƙara awa ɗaya. Awa shida da rabi ke nan kasuwa take ci, ta yi awa goma sha bakwai da rabi a rufe. Daga tashin Jumma'a zuwa buɗewar Litinin kuwa, ya haura awa 65.

Duniya ba ta tsayawa don an rufe kasuwa. Bilhasali ma, yawancin kamfanonin Amurka suna fitar da rahoton riba da asararsu, wanda suke bayarwa duk bayan wata uku, bayan an tashi daga kasuwa ne ko kafin a buɗe. Gaskiya ne akan taɓa ɗan ciniki a waɗannan sa'o'i, amma a wurin yawancin dillalai odar tsai da asara ba ta farkawa sai a lokacin da babbar kasuwa take ci.

To a ce an tashi farashi yana dala 47. Bayan minti goma kamfani ya ba da sanarwar cewa ribarsa ta karye. Duk wanda ya yi niyyar saye a 47 ko 46 ko 45 sai ya janye tayinsa, ya sake lissafi. Da gari ya waye aka buɗe kasuwa, cinikin farko da aka ƙulla a dala 38 ne. Ka lura da kyau, Malam: farashi bai bi ta kan 46 da 45 da 44 ba. Tsallake su ya yi gaba ɗaya, kamar wanda ya diro daga kan katanga bai taka tsani ba. Odarka ta farka ta ga 38 tana ƙasa da 45, sharaɗi ya cika, sai ta sayar ga mai tayin da ta tarar. Babu wani lokaci, ko na daƙiƙa ɗaya, da akwai mai saye a dala 45 wanda dillalinka ya ƙi sayar wa.

Hanya ta biyu: masu tayi sun yi ƙaranci

Wannan kuma tana faruwa ne kasuwa tana tsakiyar ci. Farashin da kake gani a allo, farashin cinikin da ya wuce ne. Shaida ce kawai cewa wani ya saya a haka ɗazu, ba alkawari ba ne cewa akwai wani mai saye a haka yanzu. A bayan allon akwai jerin masu tayi, kowa da farashinsa da yawan abin da yake so, an jera su daga mai tayi mafi tsada zuwa mafi araha.

Mu ɗauki misali, kamar yadda muke yi a aji. Wani yana da hannun jari 1,000, ya sa ƙararrawarsa a dala 45. Ta kaɗa. A wannan lokaci masu tayi uku ne kawai a layi: na farko yana son guda 200 a dala 44, na biyu yana son 300 a dala 43, na uku yana son 500 a dala 40. Odar ba za ta tsaya jiran wani ya zo ba. Za ta ba na farko 200, a sami dala 8,800. Ta ba na biyu 300, a sami dala 12,900. Ragowar 500 ta ba na uku, a sami dala 20,000. Jimla dala 41,700 ke nan, watau kowane ɗaya ya tashi a dala 41 da senti 70. Mutumin da ya sa rai da dala 45,000 ya sami giɓin dala 3,300, alhali kuwa babu wani mummunan labari da ya fito.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Cinikin ƙarshe da aka yi yanzu a dala 40 ne. Duk waɗanda suka sa ƙararrawarsu a 43 da 42 da 41 da 40, tasu ta kaɗa ke nan a lokaci guda. Su ma odarsu ta fito neman mai saye, ga shi na gabansu ya riga ya kwashe masu tayin da ke kusa. Sai su gangara ƙasa, su kuma su ta da na ƙasa da su. Mutane kuwa suna son lamba mai sauƙin tunawa, irin su 45 da 40 da 50, saboda haka odoji sukan taru a wuri ɗaya. Kowa ya ruga ƙofa ɗaya a lokaci ɗaya, dole a yi turereniya.

Abin da ya faru ranar 6 ga Mayu, 2010

Don kada ka ce misali ne kawai na malamin makaranta, ga abin da ya auku a zahiri. Ranar Alhamis, 6 ga watan Mayu na shekarar 2010, kasuwannin Amurka sun wuni cikin ɗar-ɗar saboda matsalar bashin ƙasar Girka. Da misalin ƙarfe 2:40 na rana agogon New York, sai farashi ya fara rikitowa. Cikin 'yan mintoci ma'aunin Dow Jones ya kai ga faɗuwar kusan maki 1,000 a ranar. Manyan 'yan kasuwar da aikinsu shi ne su tsaya kullum suna saye suna sayarwa, da suka ga abin ya fi ƙarfin fahimtarsu, sai da yawansu suka janye tayinsu suka koma gefe.

Ka san kamfanin Procter & Gamble, mai yin omon Ariel da kunzugun yara na Pampers. Babban kamfani ne, ba wanda ake tsoron zai rushe ba. Hannun jarinsa yana sama da dala 60, amma cikin kamar minti uku da rabi ya faɗo dala 39 da senti 37. Bayan kamar minti ɗaya kuma ya koma sama da dala 60. Babu abin da ya sami kamfanin, masu saye ne kawai suka ɓace na ɗan lokaci.

Yanzu ka ɗauki mutum biyu, kowanne yana da hannun jarin wannan kamfani. Na farko bai sa wata oda ba, yana can yana harkokinsa. Da yamma ya duba ya ga dukiyarsa tana nan kusan yadda ya bar ta. Na biyu mai taka-tsantsan ne, ya sa ƙararrawa a dala 55. Tasa ta kaɗa a tsakiyar rikici, ta shiga layi tare da ɗimbin irinta, aka sayar masa a duk inda aka sami mai tayi tsakanin dala 55 da dala 39. Kafin ya ɗaga waya farashi ya koma 60, shi kuwa ba shi da ko ɗaya a hannu.

Na kamfanin Accenture ya fi wannan ban mamaki. Daga wajen dala 40 aka yi cinikinsa a senti ɗaya. Dalili kuwa shi ne, a wancan zamani wasu daga cikin waɗannan manyan 'yan kasuwa sukan ajiye tayin jeka-na-yi-ka na senti ɗaya, don dai a ce suna cikin layi kamar yadda ƙa'ida ta nema, ba don suna tsammanin wani zai sallama musu ba. Da masu tayin gaskiya suka watse, sai odojin "a sayar ko nawa ne" suka gangaro har kansu.

Daga baya hukumomin kasuwa sun soke ciniki sama da 20,000, amma sai wanda ya kauce wa farashin ƙarfe 2:40 da kashi 60 cikin 100 ko fiye. Wanda aka sayar wa nasa a senti ɗaya ya tsira ke nan. Amma faɗuwar Procter & Gamble kashi 36 ne cikin 100, ba ta kai mizanin ba, saboda haka wanda aka sayar wa nasa a dala 40 ko 45, cinikinsa ya zauna daram, asara ta tabbata.

An yi gyare-gyare bayan wannan. A ƙarshen shekarar 2010 aka hana tayin jeka-na-yi-ka. A 2013 aka fara aiki da wata doka wadda take dakatar da cinikin hannun jari na minti biyar idan farashinsa ya yi saurin kaucewa, ga manyan kamfanoni da kashi 5 cikin 100. A watan Fabrairu na 2016 kuma kasuwar New York ta daina karɓar odar tsai da asara ita da kanta, sai dai dillalai su riƙe ta a na'urorinsu, su aika idan ta farka. Amma ka sani, duk waɗannan ba su hana tsallen dare irin wanda ya same ka ba.

Yadda za ka gane ko an cuce ka

Ba sai ka yarda da maganata kawai ba, kana iya bincikawa da kanka. Buɗe takardar shaidar ciniki da dillali ya aiko maka. Za ka ga irin odar da ka sa, da lokacin da aka sayar, da yawan da aka sayar, da farashi. Sa'an nan ka nemi farashin wannan kamfani na wannan rana. Akan rubuta guda huɗu: `Open`, farashin buɗewa, `High`, mafi tsada, `Low`, mafi araha, `Close`, farashin tashi.

Idan ka ga an tashi jiya a 47, an buɗe yau a wajen 38, kuma lokacin da ke kan takardarka ya yi daidai da mintocin farko na buɗe kasuwa, to dillali ya yi abin da ka ce ne, ba ka da ƙara. Idan kuwa ka ga an buɗe a 46, farashi ya sauko a hankali ya daɗe yana yawo a 45 da 44, amma ba a sayar maka ba sai da ya kai 38, ko kuma farashin da aka ba ka yana ƙasa da mafi arahar wannan rana, to akwai magana. Sai ka rubuta musu, ka nemi su ba ka lokacin da odarka ta farka da lokacin da aka aika ta kasuwa. Ka kuma tambaye su da wane farashi suke kaɗa ƙararrawa, domin wasu da cinikin ƙarshe suke aiki, wasu kuma da tayin masu saye.

Shin akwai magani?

Akwai wata oda da ake rubutawa `Stop Limit`. A cikinta lamba biyu kake sawa: ta ƙararrawa, da ta mafi ƙarancin abin da za ka karɓa. Misali ka ce ta farka a 45, amma kada a sallama ƙasa da 44. Ka mayar wa dillali bakinsa na cewa albarka ke nan.

Sai dai ita ma da nata cizon. Da ita ka sa a wannan dare, da aka buɗe a 38 ba za a sayar ba, kayanka suna hannunka. Idan farashi ya farfaɗo ya kai 44, ka ci riba da haƙurinka. Idan kuwa ya ci gaba da gangarawa zuwa 30, kana nan riƙe da shi, odar da ka sa don ta cece ka tana kallo. A rana irin ta 6 ga Mayu, ita ce mai ceto. A ranar da kamfani ya kama hanyar rushewa da gaske, ita ce mai kashewa. Ɗaya tana tabbatar maka da fita ba ta tabbatar da farashi, ɗaya tana tabbatar da farashi ba ta tabbatar da fita. Babu wadda take ba ka duka biyun a cikinsu.

Ga masu ciniki a kasuwar hannun jari ta Nijeriya da ke Legas kuwa, abin yana zuwa da wata kama. A can ba a barin farashi ya faɗi fiye da kashi 10 cikin 100 a rana guda. Wani zai ce ai an huta ke nan. Ba a huta ba. Idan mummunan labari ya fito, masu sayarwa sukan yi layi a farashin ƙasa na ranar, babu mai saye ko ɗaya. Abin naira 100 ya koma 90, gobe 81, jibi wajen 73, kai kuwa kana cikin layi ba ka sayar ba. Doka tana iya tsai da farashi, amma ba ta iya kawo mai saye.

Saboda haka, Malam, shawarata guda biyu ce. Ta farko, kafin ka kwana da hannun jarin kowane kamfani, ka duba ranar da zai fitar da rahotonsa, domin akan sanar da ita tun da wuri. Idan ba za ka iya jure tsalle ba, ka rage kayanka ko ka fita da rana tsaka, lokacin da masu tayi suke da yawa. Ta biyu, idan za ka yi lissafin asara, kada ka tsaya a kan lambar ƙararrawa. Ka tambayi kanka: idan na farka na tarar an buɗe a 38, ko a 30, zan iya ɗauka? Idan dala 500 ce iyakar abin da za ka iya rasawa, kuma ka yarda tsalle zai iya cin dala 12 a kowane ɗaya, to guda 40 ya kamata ka saya, ba 100 ba. Yawan abin da ka saya shi ne abin da yake hannunka. Farashin da za a buɗe gobe ba ya hannun kowa.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Idan ka duba takardar taka ka ga lissafi bai yi daidai da abin da muka faɗa ba, ka sake rubuto mana da lokacin da farashin, mu duba tare. Sauran wasiƙu kuma sai mako mai zuwa. A huta lafiya.